Ɗigo ɗaya tsakanin fara da ƙara: yadda ake duba sanarwar ajami

Waƙar wa'azi da aka rubuta da ajami, yawanci mai karanta ta ya riga ya ji ta a bakin malami ko a bakin almajirai. Rubutun tuni kawai yake yi masa, idan wasali ya ɓace kunne ya cike gurbin. Takardar da aka manna a ƙofar masallaci kuwa babu wanda ya taɓa jin abin da ke cikinta. Dattijo zai tsaya gabanta bayan la'asar, ya karanta sau ɗaya, ya wuce gida ya faɗa wa iyalinsa abin da ya gani, su ma su faɗa wa maƙwabta. In ya karanta ba daidai ba, haka labarin zai zaga unguwa. Shi ya sa sanarwa take bukatar dubawar da ko wasiƙa ba ta bukata, don mai wasiƙa ya san hannun wanda ya rubuto masa, mai karanta sanarwa kuwa bai san ko wane ne ba.

Abin da ke sa aikin ya yi wuya shi ne ajami bai taɓa samun ƙa'ida ɗaya da kowa ya bi ba. Boko ya samu masu zama su daidaita shi, tun daga shigo da baƙaƙe masu lanƙwasa a shekarun 1930 har zuwa taron Bamako na 1966. Ajami ya girma ne a zaure da tsangaya, kowane malami yana rubutawa yadda ya gada. Jaridar Alfijir da kamfanin Triumph na Kano ya riƙa bugawa da ajami tana da nata tsarin, marubutan Sakkwato suna da nasu, ɗalibin Islamiyya na yau kuma yana da nasa. Saboda haka mai duba sanarwa ba ya tambayar ko an rubuta daidai da wani littafin ƙa'ida. Tambayarsa ita ce: mutanen da za su tsaya gaban wannan bango, me za su karanta?

Ga wata sanarwa irin wadda ake yi kowace shekara gab da damina. Na kawo ta da boko don mu bi ta tare:

"Sanarwa daga mai unguwa. Ranar Asabar da ƙarfe bakwai na safe za a fara aikin gayya na yashe kwata. Kowane gida ya turo mutum ɗaya. Masu kura su zo da ita don kwashe shara. Mai larura ya aiko da naira ɗari biyu. Za a taru a ƙofar masallaci."

Jimla shida ce kacal, amma kusan kowace tana da wurin da ƙafa za ta iya zamewa.

Kafin a duba wasali ko ɗaya, sai an gano da wane hannu aka yi rubutun. Masu karatun ajami a ƙasar Hausa iri biyu ne. Akwai wanda ya koyi babbaƙu da farfaru a allo, da ruwayar Warshu da rubutun da ya samo asali daga Magrib. Akwai kuma wanda ya koya a Islamiyya, da ruwayar Hafsu da bugun ƙasashen gabas. Yawancin baƙaƙensu ɗaya ne, amma sun rabu a kan guda biyu, kuma rabuwar mai haɗari ce. A hannun allo, fa tana da ɗigo ɗaya a ƙasa (ڢ), ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama (ڧ). A hannun Islamiyya, fa ce ke da ɗigo ɗaya a sama (ف), ƙaf kuma biyu (ق). Wato baƙi mai ɗigo ɗaya a sama, ɗan tsangaya zai kira shi ƙa, ɗan Islamiyya zai kira shi fa, kuma kowannensu yana da gaskiya a makarantarsa.

Mai dubawa ya fara da kalmar da ta haɗa baƙaƙen biyu. A sanarwarmu akwai "ƙarfe" da "ƙofar". Da ya kalle su zai san hannun da marubucin ya ɗauka. Daga nan ya bi kowace fa da kowace ƙaf a takardar ya tabbata ba a sauya hannu a tsakiya ba, abin da ke yawan faruwa idan marubucin ya yi makarantun biyu. Inda aka yi sa'a, kuskuren ba ya haifar da kalma: wanda ya ga "farfe bakwai" zai yi murmushi ya gyara da kansa. Inda ba a yi sa'a ba shi ne "fara". A wata unguwa cikin birnin Kano na ga sakataren ƙungiyar matasa ya kai wa limamin unguwar irin wannan takarda ya duba. Malam ya ɗaga ta saitin haske, yana bi da yatsa yana karantawa a fili, har ya zo wurin.

"Za a ƙara aikin gayya. To yaushe aka yi na farko ban sani ba?"

"Allah gafarta Malam, fara na rubuta."

"A'a ɗana, ƙara ka rubuta. Ga ruwan nan a sama."

Ruwa, a bakin malaman allo, shi ne ɗigon baƙi. Yaron ya rubuta "ƙarfe" da ƙaf mai ɗigo biyu, ya rubuta "fara" da ɗigo ɗaya a sama, daidai da abin da aka koya masa. Malam ya wuce ƙaf mai ɗigo biyun ba tare da damuwa ba, don ya saba ganinta a littattafan bugu, amma da ya zo kan ɗigo ɗaya a sama idonsa ya koma ga allo. A aikin gayya asarar kaɗan ce. A sanarwar da ta ce "za a fara karɓar kuɗin masu gadi", idan rabin unguwa suka karanta "za a ƙara karɓar kuɗi", sai mai unguwa ya kwana yana ba da haƙuri.

Ni a ganina, idan masu karatun gauraye ne, akwai dabarar da ta fi zaɓar ɓangare ɗaya: a rubuta fa da ɗigo a ƙasa, ƙaf da ɗigo biyu a sama, a kauce wa mai ɗigo ɗaya a sama gaba ɗaya. Ɗan Islamiyya zai ɗan tsaya a kan fa mai ɗigon ƙasa, amma ba shi da wani baƙin da zai rikita ta da shi. Ɗan allo kuma ya san ƙaf mai ɗigo biyu. Masu tsantseni za su ce an haɗa hannu biyu, kuma haka ne. Amma babu wanda zai karanta kishiyar abin da aka nufa.

Sai wasulla. Larabci uku ya ba mu: fataha a sama don a, kisira a ƙasa don i, rufu'a don u. Hausa kuwa biyar take da su, kuma kowanne yana da gajere da dogo. Na huɗun, wato e, malamai sun samo shi ne daga Alƙur'anin Warshu, inda ake sa ɗigo mai kauri a ƙarƙashin baƙi don nuna imala, abin da ke sa a ji mai karatun allo yana kiran Musa "Muse". Wannan ɗigon aka ɗauko aka ba Hausa. Wanda bai yi allo ba sau da yawa bai san shi ba, sai ya sa kisira a duk inda ya ji e. A sanarwarmu hakan zai mayar da "ƙarfe" ya zama "ƙarfi", "yashe kwata" ya zama "yashi kwata". Na biyun ya fi damuwa, don a zancen gyaran kwata yashi abu ne da ake iya nema, wani zai ɗauka gudummawar yashi ake so.

Ko da marubucin ya san ɗigon imala, akwai tarko. A al'adar rubutun hannu, baƙaƙe da ɗigoginsu da baƙar tawada ake yi, wasulla da ja. Launi ne ke raba ɗigon baƙi da ɗigon wasali. Da zarar an yi komai da biro ɗaya, ko aka sa takardar a injin kwafi, launin ya tafi. Dubi "safe" a hannun allo: fa tana da ɗigonta a ƙasa, ga kuma ɗigon imala kusa da shi. Ɗigo biyu ke nan a ƙarƙashin baƙi ɗaya, kuma ɗigo biyu a ƙasa alamar ya ce. Kan fa mai zagaye ne, shi ke ceton ta. Ba kuwa ba ta da wannan kariya a farko ko tsakiyar kalma, don haƙorinta iri ɗaya ne da na ya. Idan aka rubuta "gobe" da dogon e, ba ɗin ta haɗe da abin da ke bin ta, ɗigoginta biyu suka jeru kafaɗa da kafaɗa, sai a karanta "goye". Maganin da ƙwararrun marubuta ke yi shi ne su sa ɗigon imala ya fi na baƙi girma, su kuma sauke shi ƙasa kaɗan, kada su zauna a layi ɗaya. Mai dubawa ya bi duk wata ba, da fa, da jim da ke ɗauke da e ya ga ko an yi hakan. Game da jar tawada kuma, in dai za a yi kwafi, a manta da ita, don injin da tawadarsa ta yi rauni yakan shanye ja ya bar baƙaƙe tsirara.

Wasali na biyar, o, shi ne maraya. Ba shi da alamar da kowa ya yarda da ita, rufu'a ce ke ɗaukar nauyinsa tare da u. Wasu marubuta suna ƙara wata 'yar alama a kan wau don su bambanta, amma ba kowane mai karatu ya san ta ba, don haka ba abin dogaro ba ce a bango. Abin da ke rage matsalar shi ne yanayin harshen kansa. A tsakiyar kalmar Hausa, gajeren o ba ya cika zuwa a gaɓar da ta ƙare da wasali. Idan ka ga rufu'a ba wau a bayanta a irin wannan wuri, kusan kullum u ce. "Kuwa" rufu'a ce sai wau ɗaya mai fataha. "Kowa" kuwa dole wau biyu: ta farko ta ja wasalin, ta biyu baƙi ce. Marubuci mai sauri yakan ga wau biyu a jere ya ɗauka maimaici ne ya jefar da ɗaya, sai "kowane gida" ya koma "kuwane gida". Wannan yana cikin kurakuran da aka fi samu, kuma gyaransa baƙi ɗaya ne.

Inda rufu'a ta zo da wau, wato dogon wasali, nan rubutu ba zai iya taimako ba. "Kura" da "kora" surarsu ɗaya ce tak (كُورَا). Ma'anar jimla ce ke raba su. "Masu kura su zo da ita don kwashe shara", mutumin Kano zai gane kurar turawa ake nufi, irin ta 'yan garuwa da 'yan dako. Amma sai ya kai ƙarshen jimla zai tabbata, kuma idan marubucin yana cikin masu rubuta k da ƙ da baƙi ɗaya, ga "ƙura" ta shigo ta zama ta uku. A nan mai dubawa ba wasali zai gyara ba, kalma zai ƙara: "masu baro ko kurar turawa". Wannan darasi ne da masu duba boko ba su saba da shi ba. A ajami, wani lokaci gyaran rubutu shi ne sauya zancen.

Yanzu ga wurin da ajami ya fi boko, wanda kuma saboda haka ya fi bukatar ido. Boko ba ya nuna tsawon wasali. "Gari" na zama da "gari" na tuwo rubutunsu ɗaya, haka "gado" na kwanciya da "gado" na magada. Ajami yana raba su: fataha kaɗai gajere ce, fataha da alif a bayanta doguwa ce, haka kisira da ya, haka rufu'a da wau. Mai karatun ajami yana jin wannan bambanci a idonsa, kuma yana aiki da shi.

Dubi jimla ta uku: "Kowane gida ya turo mutum ɗaya." Faɗe ta a bakinka sau biyu. Idan ka gajarta "ya", umarni ne, ana so kowane gida ya aiko. Idan ka ja ta, labari ne, kowane gida ya riga ya aiko. A boko jimlar ɗaya ce, mai karatu ne ke zaɓa. A ajami marubuci ne ke zaɓa: يَ umarni, يَا labari. Alif ɗaya da aka sa don hannu ya saba, ko don a cike layi ya yi kyau, ya isa ya sa magidanci ya karanta cewa an riga an tura mutane, ya koma ya kwanta. Haka "Mai larura ya aiko da naira ɗari biyu": da alif, an ba da labarin wani mai larura da ya biya, ba alif, an faɗa wa kowane mai larura abin da zai yi. Tun da sanarwa yawancinta umarni ce, mai dubawa ya tsaya a kan kowace "ya", da "ta", da "ka", ya tambayi kansa: an yi ne, ko a yi? Idan a yi ne, alif ba shi da wuri.

Wanda ya fara da boko sannan ya koyi ajami shi ya fi faɗawa wannan rami, don bai taɓa bukatar tunanin tsawon wasali a rubutu ba. Yakan bi baƙaƙen boko ɗaya bayan ɗaya yana musanyawa, ko dai ya ja kowane wasali ko ya gajarta duka. Alamar irin wannan takarda a fili take: za ka ga alif bayan kusan kowace fataha, ko ka nemi alif ka rasa. In ka ga haka, gyara ɗaya-ɗaya ɓata lokaci ne. A ba wani ya karanta masa sanarwar da baki a hankali, ya sake rubutawa daga abin da kunnensa ya ji.

"Ɗari biyu" ta haɗa matsala uku a kalma ɗaya. Idan aka sa alif bayan baƙin farko, ta zama ɗari na hunturu. Idan aka rubuta ta da dal (د) maimakon ɗa mai hannu (ط), aka kuma sami ɗigo a inda kisira ya kamata, ta zama "dare biyu". Tsofaffin marubuta da yawa da dal suke rubuta d da ɗ duka, kamar yadda suke rubuta b da ɓ da ba ɗaya, su bar mai karatu ya raba. A waƙa hakan ya wadatar. A wurin kuɗi da lokaci bai wadatar ba. Kalmar "naira" da ke gabanta tana taimakawa, kuma mutane sun saba ganin adadin kuɗi da ajami a jikin takardun naira 200 da 500 da 1000, ko da yake an cire shi daga ƙananan takardu a 2007, aka kuma cire daga sabuwar naira 100 ta 2014. Duk da haka a rubuta ɗ da ط kowane lokaci, a "ɗari" da "ɗaya" duka. Ts kuma a ba ta ɗigo uku a kan wannan baƙin (ڟ), don kada "tsaya" da "ɗaya" su yi kama fiye da kima. Ita ɓ, masu bambanta ta suna ƙara mata ɗigogi, amma ba wuri ɗaya suke sa su ba. Duk wanda marubucin ya zaɓa, ya riƙe shi har ƙarshen takarda, kuma mai dubawa ya lura da jimla irin "kada a ɓata", wadda ba tare da bambancin ba za a iya karanta ta "kada a ba ta".

Lambobi ba wasulla ba ne, amma tun da muna kan kuɗi: a lambobin Larabci sifiri ɗigo ne (٠), biyar kuma zagaye ce mai kama da sifirin boko (٥), shida tana kama da bakwai ta boko (٦). A rubuta adadi da lokaci da kalmomi, in an so a ƙara lamba a gefe.

Alamomi biyu ƙanana sun rage, shadda da ɗauri. "Gayya" ba shadda "gaya" ce, kamar yadda "babba" ke komawa "baba", "dabba" ta koma "daba". Wannan kowa ya sani, mantuwa ce kawai ke kawo shi. Wanda ba a cika lura da shi ba shi ne n ta ƙarshen kalma. Marubutan da suka ƙware a Larabci suna son rubuta ta da wasali biyu, wato tanwini: rufu'a biyu a kan sin ta ba da "sun", fataha biyu ta ba da "an". Rubutu ne mai kyan gani kuma tsoho. Amma bambancin "su zo" da "sun zo", ko "a fasa" da "an fasa", ya koma kan ɗan layi ɗaya siriri, wanda kwafi na iya haɗe shi da ɗan'uwansa ko ya goge shi. Akasin haka ma yana faruwa, alƙalami ya yi tsalle, wasali ɗaya ya fito kamar biyu. A sanarwa a rubuta nun cikakkiya da ɗaurinta a kai. Ba ta ɓacewa.

Kalmomin da Hausa ta aro daga Larabci suna da tasu rigima, don hannun malami yana son mayar da su gida. "Larura" asalinta da lodi (ض) take, baƙin da karatun allo ke furtawa kamar l, shi ya sa muke cewa alƙali da alwala. Malami zai rubuta ta da lodi ya karanta "larura" ba tangarɗa. Jikansa ɗan Islamiyya zai ga baƙin ya karanta da d mai nauyi, ya tsaya yana tunanin wace kalma ce. Lam ba ta rikita kowa, ita za a sa. Haka "Asabar": a rubuta ta yadda Bahaushe ke faɗa, kada a koma ga surar Larabci. Sunayen mutane da kalmomin ibada su ne togaciya. Usman da ث ake rubuta shi, ko da yake wannan baƙin a ajamin Hausa c ne, kamar a "cewa" da "ciki". Ba wanda zai karanta "Ucman", don surar sunan ta zauna a ido, kuma sauya ta zai fi jawo magana fiye da barin ta. "Salla" da "masallaci" ma, ko da sodi ko da sin, za a gane. Abin nema kawai kada a rubuta ta iri biyu a takarda ɗaya.

Karin harshe ba kuskure ba ne. Ajami yana bin baki fiye da boko, don haka sanarwar da aka rubuta a Sakkwato ko Maraɗi tana iya cewa "hwara" a inda Bakano zai ce "fara". Idan a can za a manna ta, a bar ta haka. Mai dubawa da ya zo daga wani gari kada ya mayar da ita Kananci da sunan gyara.

"Kwata", "bakwai" da "kwashe" sun kawo mu ga kw da 'yan'uwanta gw, ky, gy. Wasu suna rubuta kaf da rufu'a sannan wau mai fataha, wanda mai karatu na iya ja ya ce "kuwata". Wasu suna ɗora ɗigo uku a kan kaf ko angai. Duka biyun ana gane su, matuƙar ba a gauraya ba. A nan ba na tsananta wa kowa.

Idan a kwamfuta ko waya za a buga, sai a ƙara wata dubawar. Madannan Larabci na yau da kullum ba su da ɗigon imala, ba su da fa mai ɗigon ƙasa, ba su da ڟ. Mai shagon buga takardu da bai san ajami ba zai sa abin da ya fi kama: kisira a wurin imala, ظ mai ɗigo ɗaya a wurin mai uku, fa ta gabas a wurin ta allo. Da haka duk abin da aka gyara a rubutun hannu ya dawo. Alamomin suna nan a tsarin Unicode, ɗigon imala lambarsa U+065C, kuma akwai samfuran rubutu da aka yi don wannan yanki, irin su Alkalami, wanda aka zana bisa rubutun Kano, da Harmattan. Amma wayar da ba ta da samfurin tana iya nuna ɗan akwati a wurin baƙin, ko ta ɗora wasalin a gefe. Sanarwar da za a tura ta waya a ɗauke ta hoto ko a mayar da ita PDF, kada a tura ta a matsayin rubutu.

Dubawa ta ƙarshe ba marubuci ke yin ta ba, ba kuma wanda ya ji ana tsara zancen ba. Wanda ya san abin da aka nufa, shi zai karanta ko ba shi ke rubuce ba. A nemi mutum biyu da ba su san komai game da sanarwar ba, ɗaya ɗan allo ɗaya ɗan Islamiyya, kowanne shi kaɗai. A ba shi kwafin da ya fito daga inji, ba asalin ba, a riƙe masa daga nesa kamar yadda zai gan ta a bango. Ya karanta a fili, marubucin yana riƙe da fensir bai ce uffan ba, ko da ya ji an karanta ba daidai ba. Duk inda mai karatun ya yi tuntuɓe, ko ya koma baya ya sake, a yi alama, ko da daga baya ya gano kalmar. Da ya gama a karɓe takardar a tambaye shi: wace rana, ƙarfe nawa, a ina, nawa ne kuɗin, kuma an yi aikin ne ko za a yi? Gyaran da ya fito a yi shi a kan asalin, a sake kwafi. Gyara da biro a kan kwafi yana ƙara ɗigo ne a takardar da ɗigo ke yanke hukunci, kuma da wuya a gyara duk kwafin iri ɗaya.